Martani Kan Lissafin Fansho Daga Tushen Albashi Kaɗai

Wata maƙala da aka yi ta miƙa wa juna tsakanin ma'aikatan makarantu, asibitoci da gidajen mai masu zaman kansu a Gonin Gora, wato unguwar da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin ƙaramar hukumar Chikun, ta tsaya a kan da'awa uku game da kuɗin fansho. Marubucinta ya ce daga tushen albashi kaɗai ake lissafa gudummawar ma'aikaci da ta mai aiki, ma'ana daga adadin nan da ma'aikata ke kira besik, wanda bai haɗa da kowane irin alawus ba. Ya ƙara da cewa ƙanƙantar wannan tushe alheri ce ga ma'aikaci, domin abin da za a cire masa ba zai yi yawa ba, abin da zai kai gida kuma zai ƙaru. A ƙarshe ya nuna cewa muddin ma'aikaci ya ga an rubuta cirewar fansho a takardar albashinsa, to kuɗin sun isa asusunsa, hankalinsa ya kwanta. Da'awar farko ta saɓa wa nassin doka, ta biyu ta saɓa wa lissafi, ta uku kuma ta ɗauki abin da aka rubuta a takarda a matsayin abin da aka ajiye, alhali tsakanin su biyun akwai matakai da dama da kuɗi ke iya maƙalewa a cikinsu.

Adalci ne a fara da abin da marubucin ya faɗa daidai, domin ƙididdigar kason da ya kawo ba ta da kuskure. Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 1 ga Yuli na shekarar, ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100, ta ɗora wa mai aiki aƙalla kashi 10, wanda ya kama kashi 18 ke nan a kowane wata. Kuɗin suna shiga asusun ajiyar ritaya, wato asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, wanda yake binsa ko da ya canja wurin aiki, kuma takardu suna kiransa RSA. Kamfanin kula da fansho, wanda ake taƙaitawa da PFA, shi ne ke riƙe da lissafin asusun yana kuma juya kuɗin, amma kuɗin kansu suna hannun wani kamfani dabam da ake kira ma'ajin fansho, ko PFC, yayin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, take sa ido a kan kowa. Mutanen kudancin birnin Kaduna sun san dalilin wannan tsari fiye da kowa, domin bayan rufe masaƙar KTL ta Kakuri a shekarar 2002 tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu, saboda haƙƙin nasu alkawari ne a littafin kamfani da ya durƙushe tare da kamfanin. An ƙirƙiri asusun mutum ɗaya ne domin kuɗin su bar hannun mai aiki wata-wata, tun yana da halin biya.

Kuskuren marubucin yana wajen adadin da ake ɗora kason a kansa. Sashe na 4 na dokar bai ambaci tushen albashi ba, abin da ya ambata shi ne ladan aiki na wata, sannan sashe na 120, inda ake fassara kalmomin dokar, ya bayyana wannan lada da cewa shi ne jimillar abin da yarjejeniyar ɗaukar aiki ta ayyana, da sharaɗin kada ya gaza haɗin abubuwa uku: tushen albashi, alawus ɗin gida da alawus ɗin sufuri. Wannan haɗi shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a yi lissafi a kansa, ana iya haura shi bisa yarjejeniya, amma ba a sauka ƙasa da shi. Ba kuma sabon sharaɗi ba ne, domin dokar farko ta 2004, wadda aka yi a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da kashi 7.5 a kan kowane ɓangare, ita ma a kan waɗannan abubuwa uku ta ɗora lissafinta. Mai yiwuwa ruɗanin ya samo asali ne daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokarsa ta 1992 ta ce a cire kashi 2.5 daga tushen albashi, kuma da yake cirewar biyu sukan zo kusa da juna a takardar albashi, akanta da bai karanta dokokin ba yakan auna su da ma'auni guda.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a fayyace wanda wannan doka ta hau kansa, saboda a unguwa kamar Gonin Gora gida ɗaya kan haɗa ma'aikacin gwamnatin tarayya, malamin gwamnatin jiha da ma'aikacin kamfani mai zaman kansa. Ma'aikacin tarayya da na kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye suna ƙarƙashin dokar 2014 kai tsaye. Ma'aikacin Jihar Kaduna kuwa yana bin dokar fansho ta jiha ta 2016, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2017 da kashi 7 daga ma'aikaci da kashi 13 daga gwamnati, don haka bai dace ya auna takardarsa da 8 da 10 ba. Masu sana'ar kansu da ma'aikatan wuraren da ba su kai mutum uku ba an buɗe musu tsarin ƙaramin fansho a shekarar 2019, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa ba tare da kason mai aiki ba. Tun da marubucin da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu yake magana, ƙa'idar da za a auna maganarsa da ita ita ce ta dokar tarayya.

A ɗauki misalin da aka ƙaddara na malama a wata makaranta mai zaman kanta mai ma'aikata 40, wadda jimillar albashinta naira 150,000 ne a wata. A takardar ɗaukarta aiki an raba kuɗin kamar haka: tushen albashi 45,000, alawus ɗin gida 30,000, alawus ɗin sufuri 15,000, sauran 60,000 kuma an rarraba su da sunan abinci, wutar lantarki da makamantansu. Idan aka bi marubucin aka yi lissafi a kan 45,000, za a cire mata naira 3,600, makaranta ta ƙara 4,500, jimilla 8,100. Idan aka bi doka aka haɗa ukun, ma'aunin ya zama 90,000, za a cire mata 7,200, makaranta ta ƙara 9,000, jimilla 16,200, wato ninkin adadin farko daidai. Da yarjejeniyar ta ce a yi lissafi a kan albashin gaba ɗaya, da nata ya zama 12,000, na makaranta 15,000, jimilla 27,000. Kason 8 da 10 bai motsa ba a duk lissafin uku, amma abin da ke tafiya asusu ya tashi daga 8,100 zuwa 27,000, abin da ke nuna cewa ma'aunin da aka ɗora kason a kansa ne ke yanke girman ajiyar.

Daga nan ake gane raunin da'awa ta biyu, wadda ta ce ƙanƙantar ma'auni riba ce ga ma'aikaci. Gaskiya ne cewa malamar za ta ga ƙarin naira 3,600 a albashinta idan aka yi lissafi a kan tushe kaɗai, ko da yake ba duka za su kai aljihunta ba, domin doka ta keɓe gudummawar fansho daga harajin albashi, abin da bai shiga fansho ba kuwa yana komawa cikin kuɗin da ake yi wa haraji. Amma abin da asusunta ya rasa a watan naira 8,100 ne, kuma 3,600 kaɗai daga ciki ne kuɗinta da suka sauya wuri daga asusu zuwa aljihu. Sauran 4,500 kuɗin makaranta ne da doka ta wajabta a zuba mata, ba su shiga asusunta ba, ba su shiga albashinta ba, sun zauna a lalitar makaranta. A shekara guda wannan ya kama naira 54,000 a kan mutum ɗaya, idan kuma aka ƙaddara cewa ma'aikatan nan 40 albashinsu ɗaya ne, makarantar ta tsira da naira 2,160,000 a shekara. Marubucin ya kalli layin ma'aikaci a takardar albashi ya manta da layin mai aiki, wataƙila domin takardun albashi da yawa ba sa nuna shi ko kaɗan, alhali shi ne mafi girma cikin layukan biyu.

Girman asarar yana ƙara fitowa idan aka miƙa lissafin zuwa shekaru. A kan tushe kaɗai malamar tana tara naira 97,200 a shekara, a kan ma'aunin doka kuma 194,400. Idan aka ƙaddara, domin sauƙin lissafi kawai, cewa albashinta bai ƙaru ba har shekara 20, kuma kuɗin suna samun ribar kashi 10 a shekara ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, hanyar farko za ta kai kusan naira miliyan 5.6, ta biyu kuma kusan miliyan 11.1. Daga cikin wannan gibi, sama da naira miliyan 3 sun fito ne daga kason makaranta da ba a zuba ba. Tasirin gibin bai tsaya ga ranar ritaya ba, domin duk wani haƙƙi da dokar ta ba mai asusu ana auna shi ne da abin da ke cikin asusun. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar har kashi 25 na ajiyarsa, haka nan ƙa'idojin da PenCom ta fitar a 2022 sun ba da damar amfani da har kashi 25 a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida. Wanda aka rage wa ajiyarsa da rabi, waɗannan haƙƙoƙi ma da rabi za su zo masa.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a ɓangaren marubucin, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Ya nuna cewa hauhawar farashi tana cin darajar kuɗin da aka ajiye, kuma a shekarar 2024 hauhawar ta haura kashi 30 a Nijeriya, abin da ribar asusun fansho ba ta kamo ba, don haka naira a hannu yau ta fi naira a asusu bayan shekara 20. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan gudummawar ganin dama, wato ƙarin da mutum ke zubawa da kansa bayan wajibi, domin a nan naira ɗaya ake aunawa da naira ɗaya. A kan gudummawar wajibi kuwa ma'aunin ba haka yake ba, saboda malamar tana karɓar 3,600 a hannu ne a madadin 8,100 a asusu. Kafin cinikin ya zo daidai, sai ta iya mayar da 3,600 su zama 8,100 tun a watan farko, wato ribar kashi 125, sannan ta ci gaba da samun ribar da ta kai ta kamfanin fansho a kowace shekara ba tare da ta taɓa kuɗin ba. Hauhawar farashi tana rage darajar kason mai aiki idan an zuba shi, rashin zuba shi kuwa yana mayar da shi sifili tun daga ranar farko.

Inda marubucin ya kusanci gaskiya ba tare da ya faɗe ta ba shi ne cewa doka ba ta tilasta lissafi a kan albashi gaba ɗaya ba, ta bar wa yarjejeniyar aiki sarari. Wannan sarari ne wasu masu aiki ke amfani da shi wajen tsara albashi ta yadda tushe, gida da sufuri za su zama ƙaramin ɓangare, sauran kuma a lulluɓe su da sunayen alawus iri-iri. A misalin malamar, kashi 40 na albashinta yana wajen lissafin fansho ba tare da an karya nassin doka ba, kuma da za a matse abubuwan uku zuwa 60,000, jimillar gudummawar za ta sauka zuwa 10,800. Hakan yakan faru kuma a lokacin ƙarin albashi, kamar bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a watan Yulin 2024, inda mai aiki zai iya zuba dukkan ƙarin cikin wani sabon alawus, albashi ya tashi, fansho ya tsaya inda yake. Abin da ya kamata marubucin ya koya wa masu karatunsa shi ne cewa rabon albashi a takardar ɗaukar aiki abin ciniki ne kamar jimillar, kuma ma'aikata biyu masu albashi ɗaya suna iya yin ritaya da ajiya mabambanta ƙwarai saboda wannan rabo kaɗai.

Da'awa ta uku ita ce mafi haɗari, domin tana sa ma'aikaci ya daina bincike a daidai inda ya kamata ya fara. Rubuta cirewa a takardar albashi aiki ne na cikin ofishin mai aiki, kuma a lokacin da aka buga takardar kuɗin ba su bar asusun kamfani ba. Sashe na 11 na dokar ya ba mai aiki kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi ya tura kasonsa da na ma'aikaci zuwa ma'ajin fanshon da kamfanin kula da fanshon ma'aikacin ya ayyana. Tare da kuɗin dole ne a aika jadawali mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, lambar asusunsa wadda ke farawa da PEN, watan da ake biya, da adadin kowane ɓangare, domin kuɗin ma'aikata da yawa sukan tafi a dunƙule, jadawalin ne ke nuna rabon kowa. Ma'aji yana sanar da kamfanin kula da fansho cewa kuɗi sun iso, sannan kamfanin ya rubuta su a asusun mai su. Idan mai aiki ya cire bai tura ba, ko ya tura babu jadawali, ko jadawalin ya zo da lambar da ba daidai ba, takardar albashi za ta ci gaba da nuna cirewa wata bayan wata alhali asusun bai motsa ba.

Ko da komai ya tafi daidai, abin da ke sauka a asusu ba ya zama daidai da kashi 18 cif. Kamfanin kula da fansho yana da izinin cire kuɗin hidima da bai wuce naira 100 ba daga gudummawar kowane wata, don haka 16,200 na malamar suna zama 16,100. Da yake wannan kuɗi tsayayye ne, ya fi nauyi a kan ƙaramar gudummawa, inda yake cin sama da kashi 1 na 8,100 amma kimanin rabin haka na 16,200. Akwai kuma ladan juya kuɗi da ake rabawa tsakanin kamfanin, ma'aji da hukuma, wanda ba ya fitowa a matsayin layi dabam, domin ana cire shi daga dukiyar asusun gamayya kafin a fitar da farashin yunit. Yunit shi ne ƙaramin rabo na dukiyar da aka tara ta dukkan masu asusu, kuma kowace gudummawa sayen yunit take yi a farashin ranar da aka rubuta ta, darajar asusun mutum kuma ita ce yawan yunit ɗinsa a ninka da farashin yau. Tun daga watan Yulin 2018 an raba dukiyar zuwa rukunoni bisa shekarun mai asusu da irin kasadar da zai iya ɗauka, daga baya kuma aka ƙara rukuni na shida marar kuɗin ruwa ga masu son a juya kuɗinsu bisa ƙa'idar Shari'a, kowane rukuni da nasa farashin.

Wannan tsari na yunit shi ne ke sa jinkiri ya zama asara ko da an biya daga baya. A ƙaddara cewa farashin yunit naira 5.00 ne a watan Janairu, ya kuma kai 5.30 a watan Yuli. Naira 16,100 da suka shiga a kan kari za su sayi yunit 3,220, amma idan makaranta ta riƙe su wata shida tana biyan wasu buƙatunta, za su sayi kimanin yunit 3,038 ne kawai. Yunit 182 da suka salwanta darajarsu ta kusa naira 1,000 a farashin Yuli, kuma duk ribar da za su haifa har zuwa ritaya ta tafi tare da su. Saboda haka ne dokar ta ɗora tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin da ba a tura ba a kan kowane wata ko ɓangaren wata na jinkiri, ta kuma ce tarar bashi ce da asusun ma'aikacin ke bin mai aiki, ba kuɗin shiga na gwamnati ba. A misalin nan, jinkirin wata shida a kan 16,200 yana jawo tarar aƙalla naira 1,944, kuma ma'aikacin da aka biya masa bashin watanni ba tare da wannan ƙari ba, ba a cika masa haƙƙinsa ba.

Hanyar gane gaskiyar lamari ba ta buƙatar ilimin akanta, tana buƙatar takardu uku ne a ajiye gefe da gefe: takardar ɗaukar aiki, takardar albashi, da takardar bayanin asusu da kamfanin kula da fansho ke bayarwa duk bayan wata uku, wadda kuma ake iya nema a ofishinsa ko a duba ta waya. Gwaji na farko shi ne a ninka abin da aka cire wa ma'aikaci da 12.5, domin hakan yana fito da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Idan malamar ta ninka 3,600 ta sami 45,000, ta san an yi lissafi a kan tushe kaɗai, idan kuma ta ninka 7,200 ta sami 90,000, ta san an bi doka. Gwaji na biyu shi ne a kwatanta layin mai aiki da na ma'aikaci a bayanin asusu, inda na mai aiki ya kamata ya zama na ma'aikaci da ƙarin rubu'insa, kamar 9,000 a kan 7,200. Gwaji na uku shi ne a ƙirga watanni, a tabbatar kowane watan albashi yana da shigarwarsa, sannan a duba tazarar da ke tsakanin watan da aka biya da ranar da aka rubuta kuɗin.

Kowane irin lahani yana da alamarsa a waɗannan takardu. Idan layukan biyu suka zo daidai da juna, misali 6,750 da 6,750, to mai aiki yana nan a kan kashi 7.5 na dokar 2004, jimillar ta zama 13,500, kuma asusun malamar yana rasa 2,700 a wata. Idan layin ma'aikaci ne kaɗai ke da adadi, to an tura abin da aka cire mata an riƙe kason makaranta. Idan abin da aka cire a takardar albashi ya kai 16,200, to an ɗora mata kason ɓangarorin biyu, alhali abin da dokar ta halatta shi ne akasin haka, wato mai aiki ya ɗauki nauyin duka, kuma a wannan hali gudummawarsa ba za ta gaza kashi 20 ba. Idan watanni suna zuwa a dunƙule, uku ko huɗu a rana guda, alamar jinkiri ce da ke jawo tara. Idan kuma babu komai alhali ofishin albashi yana da shaidar biya daga banki, mafi yawan lokuta matsalar tana wajen jadawali, ko kuma ma'aikacin yana da lambar asusu biyu saboda ya sake rajista lokacin da ya canja aiki, abin da ake gyarawa ta hanyar sabunta bayanai da lambar shaidar ɗan ƙasa a ofishin kamfanin kula da fansho.

Matakin gyara yana farawa ne daga ofishin albashi, da takarda a rubuce mai nuna watannin da adadin, tare da neman kwafin shaidar biya da na jadawali, domin waɗannan biyun ne ke raba kuskuren rubutu da riƙe kuɗi da gangan. Idan hakan bai wadatar ba, ana kai ƙorafi ga kamfanin kula da fansho da kuma PenCom, wadda tun 2012 take amfani da wakilan karɓo bashi da ke bincika littattafan masu aiki suna ƙwato uwar kuɗi da tara, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna, tana sauraron irin waɗannan ƙararraki. Ana iya cewa ƙananan makarantu da asibitocin unguwa suna fama da tsadar man janareta da iyayen yara masu jinkirin biyan kuɗin makaranta, kuma kashi 10 nauyi ne na gaske a kansu. Wannan uzuri yana iya bayyana dalilin jinkiri, amma ba ya canja fassarar da sashe na 120 ya yi wa ladan aiki, kuma ba ya taɓa kashi 8 da aka riga aka cire daga albashin ma'aikaci, wanda amana ce a hannun mai aiki tun daga ranar da aka cire shi. Shi kansa mai aiki da ya bi shawarar marubucin da zuciya ɗaya yana tara wa kansa bashi ne, domin gibin 8,100 a kan kowane ma'aikaci a kowane wata yana nan ana binsa, tara kuma tana hawa kansa.

Saboda haka maƙalar tana buƙatar gyara a wurare uku. Ma'aunin gudummawa a ƙarƙashin dokar 2014 ba ya gaza haɗin tushen albashi, alawus ɗin gida da na sufuri. Rage ma'aunin yana mayar wa ma'aikaci ƙasa da rabin abin da asusunsa ya rasa, sauran kuma yana zama a hannun mai aiki. Shaidar isowar kuɗi kuma ita ce takardar bayanin asusu daga kamfanin kula da fansho, tare da adadin kowane ɓangare da ranar da aka rubuta shi. Ma'aikacin Gonin Gora da ya karanta waccan maƙala ya kamata ya nemi bayanin asusunsa na watanni 12 da suka wuce, ya yi gwaje-gwajen nan uku tun yana bakin aiki, domin karɓo bashin fansho daga kamfanin da ke tsaye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan karɓo shi daga wanda ya riga ya rufe.